Ratse Ba Shara Ba Ne: Yadda Ya Kamata Mu Tsamo Jigon Karatu Daga Rubutaccen Jawabi

Unguwar Kabara ta yi suna ne da karatun baki. A Gidan Ƙadiriyya, daura da fadar Sarkin Kano, da zaurukan da ke kewaye da shi, an shafe shekaru masu yawa ana jan baƙi ana fassara, almajirai na saurare. Shaihu Muhammadu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya daɗe yana tafsirin watan azumi a fada, gidajen rediyo sun watsa karatunsa, masu rikoda kuma sun ɗauki abin da suka iya ɗauka. Abin da ya rubuta da alƙalaminsa, kamar tafsirinsa na Hausa mai suna Ihsanul Mannan, ya zo a tsare, domin mai shi ne ya tsara shi. Amma abin da ke cikin kaset, nasa da na sauran malaman birni, wani abu ne daban. Magana ce da aka yi wa mutanen da ke zaune a gaban malam, da labaranta da barkwancinta da tsawatarwarta.

A yau ɗalibai da malaman makaranta da yawa sun duƙufa wajen kwafe irin wannan karatu daga kaset ko wayar hannu zuwa takarda. Da sun gama sai su tarar da shafuka goma sha biyar waɗanda ba mai iya karantawa a zama ɗaya, don haka sai a nemi wani ya taƙaita. Galibi ɗayanmu ake miƙa wa aikin, tunda mu ne aka sani da alli da jan biro. Ra'ayinmu shi ne yadda aka saba yin wannan taƙaitawa yana da haɗari. An ɗauka cewa aikin mai taƙaitawa shi ne ya share ratse ya bar jigo. Mu kuwa muna ganin sau da yawa sharaɗin da jigon ya dogara a kansa yana kwance ne a tsakiyar ratsen, kuma wanda ya share ratse ba tare da ya bincike shi ba yakan fitar da takarda mai tsabta wadda ke faɗin abin da malam bai faɗa ba.

Abin da takarda ke zubarwa

Mai magana a natse yakan furta kalmomi ɗari da ashirin zuwa ɗari da hamsin a minti ɗaya. Karatun sa'a guda ke nan zai haura kalmomi 7,000. Kwafe shi da hannu yakan ci sa'a huɗu zuwa shida, ya danganta da kyawun ɗaukar. Duk da wannan wahala, abin da ya sauka a takarda bai kai abin da kunne ya ji ba.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Tambayar da malam ya yi don ya ƙaryata wani zance tana iya sauka a takarda tamkar hukunci, idan mai kwafewa bai sa alamar tambaya ba. Korewa a Hausa kuma sau da yawa ƙafa biyu gare ta, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, kuma mai jawabi yana iya cusa kalmomi ashirin a tsakaninsu, har da tari da amsa sallamar wanda ya shigo. Idan ɗaya ta faɗi, jimlar ta rikice, mai karatu kuma zai gyara ta yadda ya ga dama. Tsohon kaset mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 a kowane gefe, kuma abin da aka faɗa yayin da ake juya shi ya tafi ke nan. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kada a taƙaita rubutu ba tare da muryar tana kusa ba. Duk inda jimla ta yi nauyi, a koma a saurara.

Darasi daga tsarin zaure

Karatun zaure yana da wata gata da laccar ɗakin taro ba ta da ita. Akwai littafi a buɗe, akwai mai jan baƙi. A wurin tafsiri alaramma ne ke jan aya, malam ya fassara, ya yi sharhi, ya yi nisa har ya kai inda ya kai, sannan ya ce a ja baƙi. Wannan umarni shi ne alamar an dawo kan hanya. Littattafan da muka gada ma haka aka shimfiɗa su: matani daban, sharhi daban, hashiya daban, kowanne da muhallinsa a shafi, don kada mai karatu ya ɗauki maganar mai sharhi a matsayin ta mai littafi.

Wannan rabo uku shi ne makamin mai taƙaitawa. Kowane yanki na jawabi ɗayan uku ne. Ko dai matani ne, wato abin da mai magana yake so a tafi da shi. Ko sharhi ne, wato hujja da misalin da ke tallafe da matanin. Ko kuma hashiya ce, wato abin da ya zo saboda wurin da lokacin da mutanen da ke zaune. Malaman Hausa a cikinmu sun san wannan da sunan jigo da warwarar jigo da ratse, kuma suna koyar da shi a nazarin waƙa kowace shekara. Abin da ya rage shi ne mu ɗauke shi daga waƙa mu ɗora shi a kan magana.

Mai magana da kansa yakan bar sawu. Idan zai fita daga hanya sai ka ji "af, na tuna", ko "bari in ba ku wani labari", ko ya yi wa malaminsa addu'a. Idan zai dawo sai ka ji "to, ina muka tsaya?" ko "mu koma kan karatu". Waɗannan su ne ƙofofin ratse, kuma gano su ba shi da wuya. Masu wuyar su ne wasu ƙananan kalmomi iri uku da ke ɓuya a cikin ratsen. Na farko kalmomin sharaɗi da togaciya: "amma fa", "sai dai", "matuƙar", "ban da". Na biyu kalmomin jingina magana ga wani: "wai", "suka ce", "in ji". Na uku kalmomin gyara: "a'a", "astagfirullahi", "ina nufin". Duk inda ɗaya daga cikinsu ta bayyana, ko da a tsakiyar labarin tafiya Makka ne, wajibi ne alƙalami ya tsaya.

Misali daga babin kabli da ba'adi

Mu ƙaddara wani darasi irin wanda ake yi a zaurukan birni tsakanin Magariba da Isha'i. Littafin shi ne Ahalari, na Shaihu Abdurrahman al-Ahalari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, wanda kusan duk ɗan Kano da ya yi karatun ilimi ya fara da shi. Babin shi ne na rafkanuwa a salla. Darasin ya ɗauki minti 50, an kwafe shi ya ba da kalmomi kamar 6,000. Kafin komai sai a karance shi gaba ɗaya ba tare da riƙe biro ba. A karatu na biyu ne za a yanka shi sakin layi sakin layi, a ba kowanne lamba, a rubuta mintinsa a gefe. Sannan a rubuta a saman takarda, cikin jimla ɗaya, tambayar da darasin ke amsawa: wanda ya yi rafkanuwa a salla, yaushe zai yi sujada, kuma yaushe sujadar ba za ta isar masa ba?

Ga yadda darasin ya gudana. Minti huɗu na farko addu'a ce da gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure. A minti na 5 aka ja baƙi, malam ya kafa ginshiƙi: wanda ya yi ragi ya yi sujada biyu kafin sallama, wato kabli, wanda ya yi ƙari ya yi su bayan sallama, wato ba'adi. Daga minti na 9 zuwa na 16 ya shiga labarin malaminsa da ya tafi aikin Hajji ta ƙasa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya ga limamai suna sujadar rafkanuwa ba yadda ya saba gani a Kano ba. A ƙarshen labarin ya ce Shafi'awa suna yin ta kafin sallama a kowane hali, Hanafawa kuma bayan sallama. A minti na 18 ya dawo, ya ce wanda ya haɗa ragi da ƙari ba'adi zai yi. A minti na 20, bayan mai jan baƙi ya yi gyaran murya, ya ce, "A'a, astagfirullahi, kabli zai yi, kabli ce ke rinjaye."

Daga minti na 24 zuwa na 30 ya juya kan samarin da ke zabura da zarar an yi sallama, suna saurin komawa rumfunansu a Kurmi. Faɗa ne sosai, har da dariyar jama'a. A tsakiyarsa ya ce, "Amma fa ku sani, wanda kabli ta hau kansa ya manta, in ya tuna nan kusa ya yi ta. In ya fice daga masallaci ko lokaci ya yi tsawo, kuma sunna uku ya bari, kamar kabbarori uku, sallar ta ɓaci. In ba su kai uku ba, ba ta ɓaci ba. Ba'adi kuwa ko bayan shekara ya tuna sai ya yi abarsa." A minti na 33 ya ce, "Wai wanda ya manta ƙunuti sai ya yi kabli." Ya yi shiru, ya sha ruwa, ya amsa sallamar wani baƙo, sannan a minti na 35 ya ce wannan zancen mutane ne, ƙunuti mustahabbi ne, ba a yi masa sujada. Daga nan wuta ta ɗauke, aka yi minti huɗu ana zancen tsadar man janareta. A minti na 46, lokacin tambayoyi, wani ya ce ya taɓa manta ruku'u ya yi kabli. Malam ya ce ruku'u farilla ne, sujadar rafkanuwa ba ta maye gurbin farilla, dole a kawo abin da aka bari.

Mai gaggawa zai bi ƙofofin ratse ya share duk abin da ke tsakaninsu, ya kuma share lokacin tambayoyi a kan cewa darasi ya ƙare. Takardarsa za ta ce: ragi kabli, ƙari ba'adi, wanda ya haɗa su ba'adi, wanda ya manta ƙunuti kabli. Layi huɗu ne masu kyan gani, kuma kowace kalma a cikinsu ta fito daga bakin malam. Amma biyu daga ciki kishiyar abin da ya karantar ne, ɗaya saboda an ɗauki tuntuɓen harshe an bar gyaransa, ɗaya saboda an jefar da "wai". Layin farko kuma ya zama tarko, domin ya nuna kamar kowane irin ragi kabli ke gyara shi. Uwar gida da ta karanta wannan takarda a ɗakinta, ta manta ruku'u, za ta yi kabli ta naɗe dardumarta da zaton ta sauke farali.

Gwajin da muke ba da shawara a yi wa kowane ratse tambaya ɗaya ce: idan aka cire shi, wanda zai yi aiki da abin da ya rage zai aikata wani abu daban da wanda ya ji darasin duka? Sanarwar ɗaurin aure da zancen man janareta ba su canza aikin kowa, don haka su tafi. Labarin Hajji mai minti bakwai ba ya canza hukunci, amma yana hana ɗalibi ya zargi limamin da ya gani a wata ƙasa, saboda haka ya cancanci layi ɗaya, da alamar cewa bayani ne kan wasu mazhabobi. Faɗan da aka yi wa samari kuwa, duk da kamanninsa na hashiya, yana ɗauke da hukuncin da ya fi kowanne nauyi a darasin. Amsar minti na 46 ita ce iyakar babin baki ɗaya.

Taƙaitawar da ta dace za ta fito da batutuwa shida, kowanne da mintinsa a gabansa. Sujadar rafkanuwa tana gyara sunna ne, ba ta gyara farilla (minti na 46). Ragi kabli, ƙari ba'adi (minti na 5). Idan sun haɗu, kabli (minti na 20, gyaran abin da aka faɗa a na 18). Hukuncin wanda ya manta kabli, da bambancin sunna uku da abin da bai kai uku ba, da hukuncin wanda ya manta ba'adi (minti na 27). Ba a sujada don barin mustahabbi irin ƙunuti (minti na 35). Sai layin sauran mazhabobi (minti na 16). A lura cewa abin da aka faɗa a ƙarshe shi ya koma farko, domin shi ne ke shata wa sauran iyaka. Mai taƙaitawa yana da ikon sauya jeri. Abin da ba shi da iko a kai shi ne sauya nauyi, wato ya mai da "wataƙila" ta zama "lalle", ko ya mai da "wasu suka ce" ta zama "malam ya ce".

Inda babu mai jan baƙi

Laccar ɗakin taro ta fi wannan wuya, domin babu littafin da za a riƙa komawa gare shi. A nan jimlar da aka rubuta a saman takarda ita ce ke tsayawa a matsayin baƙi, kuma da ita ake auna kowane sakin layi. Mu ɗauki batun da ya shafi gidajenmu. Dokar shekarun ritayar malaman makaranta ta 2022 ta ce malami zai ajiye aiki idan ya cika shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Mai lacca zai iya maimaita "sittin da biyar" sau goma, saboda ita ce ke jawo tafi, ya ambaci "duk wanda ya riga zuwa" sau ɗaya tak, a cikin labarin wani abokinsa. Idan mai taƙaitawa ya auna muhimmanci da yawan maimaici, zai rubuta cewa an mai da ritaya shekara 65. Malamar da ta kama aiki tana da shekara 22 za ta cika shekara 40 a bakin aiki tana da 62, ke nan takardar ta ƙara mata shekara uku da doka ba ta ba ta ba, ita kuwa tana iya ɗora lissafin bashi da karatun 'ya'ya a kansu. Wanda ya kama aiki yana da 30 shi ne zai kai 65, da shekara 35 kacal na aiki. Maimaici yana nuna abin da ke ran mai magana. Ba ya nuna abin da hukunci ya rataya a kai.

Abin da masu ja da mu za su ce

Akwai masu ganin taƙaita karatun malamai ɓarna ce tun daga tushe. Suna cewa tarbiyya a cikin ratsen take, cewa almajiri yakan manta hukunci ya riƙe labarin, kuma labarin ne ke gyara masa hali. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba yau aka fara ta ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddimarsa yana sukar yawan taƙaitattun littattafai, yana ganin suna cusa ma'anoni masu yawa a kalmomi kaɗan har su wahalar da mai koyo. Duk wanda ya yi fama da Muhtasar na Shaihu Halil ba tare da sharhi ba ya san abin da ake nufi. Amsarmu ita ce taƙaitawa ba magajiyar darasi ba ce, jagora ce zuwa gare shi. Shi ya sa muka nace a kan lambar minti a gaban kowane batu, kuma a adana murya da cikakken rubutun. Wanda yake son labarin Hajji ya san zai same shi a minti na 9. In babu taƙaitawa, shafuka goma sha biyar ɗin nan a cikin kwali za su ƙare, gara ta gama da su.

Wasu kuma za su ce wane ne malamin firamare da zai yanke wa shaihi magana. Tarihi ya ba mu misalai biyu da ke nuna inda amsar take. Shaihu Muhammad Abduh ya yi karatun tafsiri a Azhar daga 1899 har zuwa rasuwarsa a 1905. Almajirinsa Rashid Rida yana rubutawa, yana tsarawa, yana nuna masa kafin a buga a mujallar Al-Manar, kuma yana bambanta maganar malaminsa da ƙarin da shi ya yi. A ɗaya gefen, masanin harshe Ferdinand de Saussure ya yi laccocinsa a Geneva tsakanin 1907 da 1911, ya mutu a 1913. Abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, suka harhaɗa littafi daga rubuce-rubucen ɗalibai suka buga a 1916. Littafin ya zama tushen ilimin harsuna na zamani, amma da masu bincike suka koma kan takardun ɗaliban bayan shekaru arba'in, sai suka tarar cewa shahararriyar jimlar da ta rufe littafin ba ta cikinsu. Masu harhaɗawar ne suka rubuta ta, duniya kuma ta yi ta jingina ta ga mamacin.

Darasin a fili yake. Idan mai magana yana raye, a kai masa takardar ya gani kafin ta fita. Idan ya rasu, kamar yadda yake ga yawancin muryoyin da ke cikin tsofaffin kaset na birni, a kai wa magadan karatunsa, a kuma gwada ta da littafin da yake karantarwa da abin da ya rubuta da hannunsa. Duk kalmar da mai taƙaitawa ya ƙara don haɗa zance, ya sa ta a cikin baka ta yadda za a gane tasa ce. Inda murya ta dushe ko kaset ya yanke, ya rubuta cewa an rasa magana a nan, kada ya cike gurbin da abin da yake zaton an faɗa.

Hujja ta uku ita ce lokaci. Gaskiya ne wannan hanya tana cin lokaci. Bayan sa'o'in kwafewa, karatu biyu da sa lamba da gwajin ratse da komawa ga murya za su ci wasu sa'a biyu ko uku. Sai dai a auna wannan da abin da ke biyo bayan takarda mai kuskure. Da ta shiga wayoyin mutane ba ta dawowa, kuma a birnin da aka sha ganin guntun magana da aka yanko daga dogon karatu ya haddasa gaba tsakanin almajiran malamai, sa'a uku ba tsada ba ce. Wanda ba shi da sa'a ukun, gara ya ce ba zai iya ba.

Abin da muke nema

Muna roƙon duk ɗan wannan reshe da aka ba aikin taƙaita jawabi, na zaure ne ko na taron bita, ya riƙe sharuɗɗa uku. Kowane batu ya zo da mintinsa ko lambar sakin layinsa. Mutum na biyu, wanda ya halarci zaman ko ya saurari muryar duka, ya karanta takardar yana farautar "amma fa" da "wai" da "a'a" da aka zubar. Sannan sunan wanda ya taƙaita ya fito a ƙasa, tare da bayanin ko mai jawabin ya gani ko bai gani ba.

Muna kuma ganin wannan aiki ya cancanci gurbi a aji. Taƙaitawar da muke koya wa ɗaliban babbar sakandare don jarrabawar WAEC da NECO ana yin ta ne a kan nassin da aka riga aka share, wanda kowane sakin layinsa ke ɗauke da batu ɗaya a fili. Rayuwa ba ta kawo magana a haka. A kawo musu minti goma na muryar gaske, wa'azi ko hirar rediyo ko jawabin shugaban makaranta, su kwafe, su sa lamba, su ja layi da biro baƙi a ƙarƙashin matani, shuɗi a ƙarƙashin sharhi, fensir a gefen hashiya, su zagaye kalmomin sharaɗi da jingina da gyara da jan biro. A raba su rukuni biyu, kowane rukuni ya fitar da batutuwa biyar, sannan a gwada. Inda takardun biyu suka saɓa, a kunna muryar a sake ji. Darasi biyu na minti arba'in sun isa a fara.

Iyaye ma suna da rawar takawa. Idan yaro ya dawo daga Islamiyya ya ce malam ya ce kaza, a tambaye shi abin da malam ya faɗa kafin nan da bayan nan, da kuma ko malam ne ya faɗa ko ya ce wasu ne suka faɗa. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi biyu tun yana ƙarami zai yi wuya a ruɗe shi da guntuwar magana idan ya girma. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ba mu ikon isar da maganarsu yadda suka faɗe ta.